Wuraren aiki 12, shafi ɗaya, amma lissafin ya ƙi faɗin gaskiya

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wata ƙungiya da ke gina ajujuwa a wurare 12 a jihar Jigawa. Duk ƙarshen wata ni ce mai haɗa rahotannin injiniyoyi in fitar da shafi ɗaya da zai nuna wa oga inda aka makara, abin da ke barazana, da yadda kuɗi ke tafiya. Wani ya turo ta WhatsApp, wani a Excel, wani ya ɗauki hoton takardar da ya rubuta da hannu, wani kuma sai na yi ta kira. A watan jiya na tara kason da kowa ya bayar na raba, ya ba ni kashi 70. Oga ya faɗa wa masu ba mu tallafi haka, da suka je babban wurinmu suka tarar ko rufi ba a fara ba. Ya yi min faɗa a gaban mutane, alhali abin da aka turo min na haɗa. Injiniyoyin duk sun girme ni, ba na iya matsa musu. Yaya zan yi?

Ƙanwarka daga Dutse

Wa alaikumus salam ƙanwata. Faɗa a gaban mutane yana da zafi, musamman ga wanda bai ɓoye komai ba, kuma ban ga alamar kin ɓoye wani abu ba. Sai dai hanyar da kika bi za ta sake jefa ki cikin irin wannan hali ko da kowane injiniya ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah, don haka gyaran daga teburinki zai fara, kafin a kai ga masu turo rahoto.

Fara da kason da ake turo miki. Idan injiniya ya rubuta cewa aiki ya kai kashi 70, tambayi kanki da me ya auna. Wani kwanakin da suka wuce yake dubawa, wani kuɗin da aka biya ɗan kwangila, wani kuma ya tsaya daga nesa ya kalli gini ya ƙiyasta. Duk ukun za su rubuta 70, kuma ba abu ɗaya suke nufi ba. Lambobin da ba ma'auni ɗaya ya haife su ba, ba a tara su. Saboda haka ki daina tambayar kowa kashi nawa ya kai. Ki tambaye shi abin da ido zai iya gani: an gama harsashi? Bulo ya kai linta? An ɗora kwano? Ke ce za ki mayar da amsar ta zama kaso, da ma'auni ɗaya ga kowa.

Ma'aunin yana cikin takardar ƙididdigar aiki da aka sa hannu a kanta tare da kwangila, inda aka rubuta kuɗin kowane ɓangare na ginin. Ki zauna da wanda ya shirya ta ku raba ginin gida biyar ko shida, kowane mataki ya ɗauki nauyinsa gwargwadon kuɗinsa. A misalin da zan yi amfani da shi, harsashi ya ɗauki 15 cikin 100, ginin bulo har linta 25, rufi 25, filasta da ƙofofi da tagogi 20, daɓe da fenti da miƙa aiki 15. Naku zai iya bambanta, takardarku ce za ta faɗa. Ƙa'idar ƙirgawa kuma mai sauƙi ce: matakin da ba a fara ba sifili ne, wanda aka fara rabin nauyinsa, wanda aka gama kuma aka turo hotonsa cikakken nauyinsa. Idan wuri yana da gine-gine da yawa, a ƙirga kowane gini daban sannan a haɗa. Wannan ƙa'ida ba ta kama gaskiya daidai wa daida a kowace rana, domin wanda ya kafa katako biyu na rufi zai sami rabi kamar wanda ya kusa gamawa. Amma ba ta barin kowa ya yi watanni yana cewa saura kaɗan, kuma idan kika ga wani mataki yana cin fiye da wata guda, sai ki raba shi biyu don rabin nan ya rage yin ƙarya.

Abu na biyu shi ne wanda ya kayar da ke, kuma a nan zan daɗe. Bari in ɗauki wurare huɗu kawai da lambobin misali, don lissafin ya shiga ido. A ce aikin Gumel na naira miliyan 20 ne kuma ya kai kashi 85. Na Kazaure shi ma miliyan 20, an gama shi. Na Ringim miliyan 40, ya kai 65, wato an rufe. Na Auyo shi ne babba, miliyan 120, bulo ya kai linta, kashi 40. Idan aka tara 85 da 100 da 65 da 40 aka raba huɗu, za a sami 72.5. Wannan lissafi ya ɗauki Auyo da Gumel a matsayin tsara, alhali aikin Auyo ya ninka na Gumel sau shida.

Hanyar da ta dace ita ce a mayar da kowane kaso ya zama kuɗi. Kashi 85 na miliyan 20 miliyan 17 ne. Kazaure miliyan 20. Kashi 65 na miliyan 40 miliyan 26 ne. Kashi 40 na miliyan 120 miliyan 48 ne. Jimilla aikin da ke tsaye a ƙasa ya kai na miliyan 111 daga cikin miliyan 200, wato kashi 55.5. Tsakanin 72.5 da 55.5 babu wanda ya yi ƙarya, bambancin duk daga hanyar tarawa ya fito. A Excel, idan kuɗin kwangila yana shafin B, kason aiki yana shafin C, wurarenki 12 suna layi na 2 zuwa na 13, abin da za ki rubuta ke nan:

```
=SUMPRODUCT(B2:B13,C2:C13)/SUM(B2:B13)
```

Kashi 55.5 shi kaɗai bai faɗi ko an makara ba. Sai an ajiye shi kusa da abin da jadawali ya ce ya kamata a kai a wannan rana, shi ma a mayar da shi kuɗi ta hanya ɗaya. A ce ranar rufe lissafi 25 ga Yuli ce, kuma jadawalin farko ya ce zuwa ranar Gumel ta kai 85, Kazaure ta gama, Ringim ta kai 65, Auyo ma ta kai 65. Aikin da aka tsara ya zama na miliyan 141, wanda aka yi na miliyan 111. Giɓin miliyan 30 ne, kuma idan kika bi layi-layi za ki ga duk miliyan 30 ɗin a Auyo suke, sauran ukun suna kan lokacinsu. Jimlar da oga yake buƙata ke nan: aikinmu bai makara a ko'ina ba sai wuri ɗaya, amma wurin nan ɗaya shi ne fiye da rabin kuɗinmu. Wannan hanya ta auna aiki da ƙimar kuɗinsa ba sabuwa ba ce, ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗora ta a kan manyan 'yan kwangilarta tun 1967, kuma masu ba da tallafi da yawa sun san ta. Idan suka ga shafinki ya bi ta, ba za su sha wahalar karanta shi ba.

Ki kula da jadawalin farko kamar yadda akanta ke kula da rasit. Abin da ke faruwa a ofisoshi da yawa shi ne, duk lokacin da aiki ya makara sai a gyara ranar gamawa a takarda, wata mai zuwa a auna aikin da sabuwar ranar, sai ya fito ba shi da laifi. Ranar da aka sa hannu a kanta ta zauna a shafinta, ba mai taɓa ta sai da takardar ƙarin lokaci da oga ya amince da ita, kuma ko an ba da ƙarin, tsohuwar ranar ta ci gaba da bayyana a gefe. Kusa da ita ki buɗe wani shafi na ranar da injiniya yake ganin za a gama yanzu. Tazarar da ke tsakanin biyun, a kwanaki, ita ce jinkirin.

Ranar da injiniya ya bayar kuwa tana buƙatar gwaji, ba don ana zarginsa ba, sai don mai aiki a fili kullum yana sa ran gobe za ta fi yau. A ce an fara Auyo ranar 1 ga Maris, aka tsara gamawa 15 ga Oktoba, injiniya ya rubuta cewa yanzu sai 15 ga Nuwamba. Daga 1 ga Maris zuwa 25 ga Yuli kwana 146 ne, kuma a cikinsu aka yi kashi 40. Idan aka ci gaba da wannan tafiya, kashi 60 da ya rage zai ci kwana 219, wato sai farkon Maris na baɗi. Kafin a gama a tsakiyar Nuwamba, dole saurin aiki ya kusan ninkawa, kuma a fara ninka shi a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka. Wannan ƙiyasi ne mai kauri, ba a kafa hujja da shi, domin wasu matakan sun fi wasu sauri, rufi na iya tashi cikin makonni kaɗan idan katako da kwano suna ƙasa. Amfaninsa shi ne ya ba ki tambayar da za ki yi cikin ladabi: Injiniya, me zai sauya daga yanzu? An ƙaro kafintoci? Kayan rufi sun iso? Idan akwai amsa, ki rubuta ta a rahoto tare da ranarsa. Idan babu, ki sa ranakun biyu, tasa da ta lissafi, oga ya gani da idonsa.

Yanzu kuɗi. Yawancin shafukan da ake kai wa shugabanni suna nuna abu biyu ne kawai, kasafi da abin da aka kashe, sai a ce an kashe kashi kaza. Wannan ba ya gaya wa kowa ko lafiya ake. Abin da aka biya sai an ajiye shi gefen ƙimar aikin da aka yi, wuri-wuri, kafin ya yi magana. Mu koma ga wurarenmu huɗu. A ce akanta ya nuna an biya Gumel miliyan 16, Kazaure miliyan 19, Ringim miliyan 14, Auyo miliyan 72. Jimilla miliyan 121, a kan aikin miliyan 111. Wanda ya kalli jimillar kawai zai ce biya ya ɗan wuce aiki da miliyan 10, ba abin tayar da hankali ba ne. A ƙarƙashin wannan 10 kuwa akwai matsaloli biyu da suka rufa wa juna asiri.

A Auyo an biya miliyan 72 a kan aikin miliyan 48, kuɗi ya riga aiki da miliyan 24. Kada ki yi saurin rubuta cewa an ci kuɗi. Ki je wurin akanta ki tambayi nawa ne kuɗin kafin alƙalami da aka ba ɗan kwangila, nawa aka riga aka cire daga biyan da ya biyo baya, kuma takardar lamunin banki da ta tsaya wa wannan kuɗi yaushe za ta ƙare. A ce kafin alƙalamin miliyan 18 ne kuma ba a fara cirewa ba. Saura miliyan 6 ke nan da ba su da bayani. Wataƙila kuɗin kwano da katako ne da aka sauke a wurin ba a ɗora ba tukuna, kuma idan haka ne hoto ɗaya da takardar karɓar kaya sun isa. Wataƙila kuma an sa hannu a takardar biya a kan aikin da bai kai ba, wannan kuwa magana ce da ba ke za ki yanke ba, aikinki shi ne ki sa ta a gaban wanda zai yanke. Ko kafin alƙalamin da ba a fara cirewa ba a aikin da ya kai kashi 40 abin faɗa ne, domin idan ɗan kwangila ya ajiye aiki gobe, wannan kuɗi ne za a yi ta bi.

A Ringim abin ya juya. An yi aikin miliyan 26, an biya 14. A shafin da ke nuna kashe kuɗi kawai, Ringim za ta fito kamar wurin da ake tattali. Alhali bashi ne na miliyan 12 a wuyan ƙungiyarku, kuma ɗan kwangilar da ke bin irin wannan kuɗi shi ne wanda magina da leburorinsa za su watse nan da mako biyu ko uku. Ringim ba ta makara ba yau, amma takardar biya da ke kwance a kan wani tebur a ofishinku za ta makarar da ita, kuma wannan jinkiri ne da oga zai iya hanawa da sa hannu ɗaya. Miliyan ɗai-ɗai da suka rage a Gumel da Kazaure kuwa, akasarinsu kuɗin da ake riƙewa ne har wa'adin gyaran kurakurai ya wuce, wanda a kwangiloli da yawa kashi 5 ne. Ki nuna shi a matsayin kuɗin da aka riga aka yi alkawarinsa, kada wani ya ɗauka rara ce ya karkatar da shi wani wuri. Haka duk ƙarin aikin da aka amince da shi bayan sa hannu, ya hau kan kuɗin kwangila a shafinki a watan da aka amince, ba sai ranar biya ba.

Lambobin kuɗi daga wurin akanta za ki karɓa, ba daga injiniya ba, kuma ranar rufe lissafinsu ta zama ɗaya da ta aikin fili. Idan aikin na 25 ga wata ne, biyan kuma na 31, duk takardar da aka biya a cikin kwana shidan nan za ta sa kuɗi ya zama kamar ya riga aiki.

Batun barazana shi ne inda haɗa rahoto ya fi amfani, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Idan kika bar gurbi a buɗe, za a rubuta miki "damina" ko "tsadar kaya" a tafi. Ki nemi kowace barazana ta zo da abin da zai jawo ta, abin da zai faru, kwana nawa ko naira nawa za ta ci, wa zai yi wani abu a kai, kuma kafin wace rana. "Idan kogi ya cika a Agusta tifa ba za ta shiga ɗibar yashi ba, filasta za ta tsaya mako uku, ɗan kwangila ya tara yashi kafin 5 ga Agusta" magana ce da za a iya aiki da ita. Ga wuraren da ke bakin kogin Haɗeja wannan ba hasashe ba ne, Ringim da Auyo suna cikin ƙananan hukumomin da ambaliyar 2022 ta yi wa ɓarna. Ki kuma raba abin da zai iya faruwa da abin da ya riga ya faru. Hanyar da ruwa ya riga ya yanke ta wuce matsayin barazana, matsala ce da ke neman mataki yau, kuma gurbinta daban.

Ga abin da ke kaɗai za ki iya gani, domin ke kaɗai ce rahotanni 12 ke haɗuwa a hannunki. Injiniyan kowane wuri nasa ya sani. Idan wurare biyar suka ambaci yashi, kada ki rubuta layi biyar, ki rubuta layi ɗaya ki ce ya shafi wurare biyar masu kuɗi kaza. Ki duba ko ɗan kwangila ɗaya ne ke riƙe da wurare uku, domin idan aka ƙi biyansa a ɗaya, sauran biyun za su ji a jikinsu, ko ya kwashe ma'aikata daga wannan ya kai wancan duk ranar da ya ji baƙi za su zo. Ki duba ko duk kwangilolin farashi tsayayye ne, domin wanda ya ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 ya san cewa tashin farashi ba wuri ɗaya yake bugawa ba, duk wuraren da ba su gama aikin siminti ba yake bugawa lokaci guda. A shafin oga barazana uku zuwa biyar sun isa, waɗanda suka fi yiwuwa kuma suka fi tsada. Sauran su zauna a shafin baya.

Launuka suna taimaka wa mai karatu cikin gaggawa, da sharaɗin ƙa'ida ce ke ba da launi, ba ra'ayin injiniya ko naki ba. Ku amince da oga a rubuce. Misali, jinkirin da bai wuce kwana 7 ba kore, daga 8 zuwa 21 ruwan ɗorawa, abin da ya haura haka ja, haka kuma duk wurin da biya ya riga aiki ko ya bar shi a baya da fiye da kashi 10 na kuɗin kwangila ba tare da bayani ba, ja ne. Da wannan ƙa'ida Ringim za ta fito ja duk da ba ta makara ba, kuma daidai ne ta fito haka. Ki ƙara launi na huɗu, ruwan toka, ga wurin da bai turo rahoto ba. Kada ki taɓa kwafo lambar watan jiya ki bar ta da korenta kamar sabuwa ce. Ki sa tsohuwar lambar a lissafi don jimilla ta fita, amma ki rubuta ranarta a gefe, kuma a saman shafi ki faɗi wurare nawa ne suka turo da kashi nawa na kuɗin suke wakilta. Wurare 11 cikin 12 na iya zama ƙasa da rabin kuɗin idan babban ne ya yi shiru.

Game da hanyar karɓa, ba sai kin sayi wata manhaja ba. Fom ɗaya mai tambayoyi kaɗan, wanda za a cike a waya cikin minti goma, ya fi dogon fom da ba mai cikewa. Manhajar waya mai suna KoboToolbox tana ba da damar cike fom da ɗaukar hoto inda babu sabis, a tura idan an samu, kuma amsoshin suna sauka a Excel. Kowane wuri ya sami lamba ɗaya da ba ta sauyawa, wadda akanta ma zai riƙa amfani da ita, domin sunan gari kowa da yadda yake rubuta shi. Duk bayanan su zauna a tebur ɗaya, layi ɗaya ga kowane wuri a kowane wata, ana ƙara sabo a ƙasa ba tare da goge tsoho ba, don ki iya ganin wurin da ya yi wata biyu a kan kaso ɗaya. Gurbin kuɗi ya karɓi lamba zalla, domin idan wani ya rubuta "miliyan 20" da haruffa, Excel zai tsallake shi a jimilla ba tare da ya gaya miki ba. Wanda ba zai iya fom ba, ki kira shi ki cike masa, ki tura masa abin da kika rubuta ya tabbatar.

Saura maganar manya. Ba ke za ki ba injiniyoyi umarni ba, kuma bai kamata a bar ki da wannan nauyi ba. Ki shirya takarda gajeriya mai ɗauke da ranar rufe lissafi, ranar turowa, ma'aunin matakai da ƙa'idar launi, ki kai wa oga ya sa hannu, ta fita da sunansa. Daga nan idan kika kira wani, tuni kike yi masa da abin da ofis ya tsara. Kafin ta fita, ki nemi injiniya ɗaya ko biyu daga cikin dattawan ki nuna musu nauyin matakan, ki ce Injiniya, ku kuka san gini, ku duba min ko rabon nan ya yi daidai. Za su gyara miki wani abu, kuma ma'aunin da suka sa hannu wajen ginawa ba za su yi masa gardama ba. Duk wata kuma ki mayar musu da shafin da aka kai wa oga. Ranar da injiniyan Ringim ya ga layin da ya rubuta ya sa an saki kuɗin ɗan kwangilarsa, ba za ki sake binsa da kira ba.

Akwai maganar da za ki yi da oga ku biyu, kafin sabon shafin farko ya fita. Ki gaya masa cewa lambar za ta sauko, daga 70 zuwa wani abu da ya yi ƙasa sosai, ba don aiki ya koma baya ba, sai don an sauya ma'auni, kuma ki kawo lissafin watan jiya ta hanyoyin biyu ya gani gefe da gefe. Shi ma yana buƙatar wannan bayani don ya kai wa masu tallafi da bakinsa kafin su tambaya. Ki kuma roƙe shi abu ɗaya, cewa duk wanda wurinsa ya fito ja, tambayar farko da za a yi masa ita ce me yake buƙata. Idan ja ya zama abin da ake wa faɗa a taro, cikin wata biyu hotuna za su fara zuwa daga kusurwar da ta fi kyau, kuma ma'auninki ba zai iya kama wannan daga Dutse ba. Abin da ke kama shi shi ne ziyara, ko da wuri biyu a wata, ba tare da sanarwa mai tsawo ba, a fara da mafi kuɗi da wanda lambarsa ta yi tsalle fiye da kima.

Shafin kansa kuwa, saman sa layi uku ne ko huɗu, da jimloli cikakku. Da lambobin misalinmu zai ce: zuwa 25 ga Yuli an yi aikin miliyan 111 a maimakon 141, kuma duk giɓin a Auyo yake, inda injiniya ke sa ran gamawa 15 ga Nuwamba amma saurin aikin yanzu ke nuna Maris. An biya miliyan 121, biyan Auyo ya wuce aikinta da 24, ana bin mu 12 a Ringim. Ana buƙatar oga ya saki biyan Ringim a wannan mako, ya kuma kira ɗan kwangilar Auyo kan kayan rufi da miliyan 6 da ba a yi bayaninsu ba. A ƙasa sai teburin wurare 12, jajaye a sama, manyan kuɗi kafin ƙanana, sannan barazanar da kika tace. Ki fara da lissafin watan jiya a daren nan, tunda kuɗin kowace kwangila yana hannunki, ki shiga wurin oga da shi gobe. Allah ya ba da sa'a.